Idan Wani Ya Zo Sayen Kamfanin da Kake da Hannun Jari: Tambayoyi da Amsoshi kan Tayin Dole da Haƙƙin Ƙananan Masu Jari

Mutane da yawa a Arewa suna riƙe da ɗan hannun jari a kamfanin siminti, na fulawa ko banki, wasu tun zamanin da gwamnati ta sayar da kamfanoninta, wasu kuma gado suka ci. Shekaru sai su shuɗe ba a ji komai ba, rana ɗaya sai ga takarda mai kauri tana cewa wani yana son sayen hannun jarinka, ka amsa kafin rana kaza. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi tasowa a irin wannan lokaci.

Mene ne tayin sayen kamfani, kuma me ya bambanta shi da sayen hannun jari a kasuwa?

A kasuwar hannun jari kowa yana sayen abin da ya samu daga wanda ya ga damar sayarwa, farashi kuma yana hawa yana sauka. Tayin sayen kamfani kuwa sanarwa ce a rubuce, daga mutum ɗaya ko kamfani ɗaya zuwa ga masu hannun jari baki ɗaya, da farashi ɗaya, da sharuɗɗa ɗaya, da ranar rufewa. Abin da mai tayin yake nema shi ne iko: ya naɗa daraktoci, ya yanke nawa za a raba na riba, ya juya akalar kamfanin yadda ya so. Zai iya biya da tsabar kuɗi, ko da hannun jarin kamfaninsa, ko ya haɗa biyun.

Wani tayin na ganin dama ne, mai shi ne ya zaɓi lokaci da farashi. Wani kuma doka ce ta ɗora masa, shi ne tayin dole.

Me ya sa doka za ta tilasta wa mutum ya sayi abin da bai nema ba?

Saboda iko yana da farashinsa daban, kuma idan aka bar mutane da son ransu, manya kaɗai za su ci wannan farashi.

A ɗauka ana sayar da hannun jarin wani kamfani Naira 10 a kasuwa. Iyalin da suka kafa shi suna da kashi 40 cikin 100. Wani attajiri ya same su a ɗaki ya biya Naira 16 kan kowane hannu, domin ya san da kashi 40 ɗin nan kamfanin ya zama nasa. Iyalin sun tafi da ƙarin Naira 6. Sauran masu kashi 60, waɗanda dubbai ne a warwatse, sun wayi gari da sabon maigida da ba su zaɓa ba, hannun jarinsu yana nan a Naira 10, ko ma ƙasa idan kasuwa ba ta yarda da halinsa ba. Zai iya daina raba riba, zai iya ba wa wani kamfaninsa kwangila da tsada, zai iya ciyo bashi da sunan wannan ya gina wancan.

Tayin dole yana toshe wannan ta hanya biyu. Yana buɗe wa ƙaramin mai jari ƙofar fita a daidai lokacin da iko ya sauya hannu, kuma yana sa a yi masa farashin da bai gaza wanda aka yi wa manya ba. Ban da waɗannan biyun bai yi alkawarin komai ba. Musamman bai ce farashin zai yi daidai da darajar da kai kake ganin kamfanin yana da ita ba, kuma a nan ne mafi yawan ɓacin rai yake fitowa.

Me ya sa aka tsaya a kashi 30? Ai rinjaye sai an haura rabi.

A takarda haka ne, amma a taron shekara-shekara ba kowa ke zuwa ba, ba kowa ke aiko da wakili ba. Idan ƙuri'un da aka kaɗa ba su wuce kashi 55 cikin 100 na hannayen jarin ba, mai kashi 30 ya riga ya fi rabin waɗanda suka halarta, kuma yawancin ƙudurori, har da zaɓen daraktoci, rinjayen waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ne ke zartar da su. Don haka masu tsara doka suka ɗauki kashi 30 a matsayin inda iko yake farawa a aikace.

Birtaniya ce ta fi shahara da wannan tsari. Hukumarta mai sa ido kan sayen kamfanoni ta fara aiki a 1968, kuma doka ta 9 a kundinta ta ce duk wanda ya kai kashi 30 na ƙuri'u sai ya yi wa sauran tayi. Najeriya ta ɗauki wannan adadi a Dokar Zuba Jari ta 2007, kuma hukumar SEC, mai sa ido kan kasuwar hannun jari, ita ce ke amincewa da tayi kafin ya fita. An maye gurbin waccan doka da sabuwa a 2025, SEC ce dai har yanzu ke kula da sayen kamfanonin da jama'a ke da hannu a ciki. Jamus da Faransa ma kashi 30 ne. Indiya ta sauko zuwa 25, Afirka ta Kudu ta hau zuwa 35. Amurka kuwa ba ta da irin wannan tilas a dokar tarayyarta, mutum zai iya sayen rinjaye daga manya ba tare da ya kula sauran ba.

A tsari irin na Birtaniya akwai mataki na biyu da ake yawan mantawa da shi. Wanda yake tsakanin kashi 30 da 50, idan ya ƙara saye, tilas ɗin ya hau kansa. An sa wannan ne don kada mutum ya riƙa tsintar hannun jari kaɗan-kaɗan har ya haye rabi ba tare da ya taɓa biyan kowa farashin iko ba.

To idan mutum ya raba sayen, ya sa wani da sunan ƙaninsa, wani da sunan abokinsa?

Doka ta hango wannan. Ba sunan da ke kan rajista kaɗai ake dubawa ba, ana haɗa hannun jarin duk waɗanda suka haɗa baki don samun iko, ko da ba su rubuta yarjejeniya ba. A Birtaniya akwai rukunin mutanen da ake ɗauka bakinsu ɗaya tun farko sai sun tabbatar da akasin haka, kamar uwar kamfani da rassanta, kamfani da daraktocinsa, da mutum da danginsa na kusa.

Masu bin ƙwallon ƙafa za su iya tuna abin da ya faru a kulob ɗin Rangers na Glasgow. A ƙarshen 2014 da farkon 2015, Dave King da wasu 'yan kasuwa uku sun sayi hannun jarin kamfanin da ya mallaki kulob ɗin. Babu ɗayansu da ya kai kashi 30 shi kaɗai, amma a haɗe sun haura. Hukumar Birtaniya mai sa ido kan sayen kamfanoni ta yanke cewa haɗin baki ne, ta umarci King ya yi wa sauran tayi kan fene 20 kowane hannu. Ya yi ta jan ƙafa har magana ta je kotu a 2017, kuma a 2019 aka hukunta shi da ƙauracewa ta shekara huɗu, wato kamfanonin kuɗi da ke ƙarƙashin dokar Birtaniya ba za su yi masa aiki a harkar sayen kamfani ba. Abin da ke tona irin wannan asiri yawanci shi ne lokacin saye, da inda kuɗi ya fito, da saƙonnin da aka yi musaya kafin a saya.

Yaya ake tsayar da farashin tayin dole?

A kundin Birtaniya amsar a fili take: farashi mafi tsada da mai tayin ko abokan haɗin bakinsa suka biya a cikin wata 12 da suka wuce, kuma dole a ba da zaɓin tsabar kuɗi. Idan ya biya mutum ɗaya Naira 16 a misalinmu na sama, kowa Naira 16 za a yi masa. Ba a kuma yarda ya lulluɓe tayin da sharuɗɗan da za su ba shi hanyar zamewa ba.

Sai dai wannan ma'auni baya yake kallo. Idan mai rinjaye ya matsu ya sayar da arha, ko kuma kasuwa ta tashi tsakanin ranar cinikin manya da ranar da takarda ta iso hannunka, tayin zai iya zuwa ƙasa da farashin kasuwa. A ƙasar da darajar kuɗi ke saurin zubewa, wata shida na jiran amincewar hukumomi ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka abu na farko da za ka yi idan takarda ta zo shi ne ka tambayi dillalinka farashin yau. Idan kasuwa ta fi tayin kuma akwai masu saye, babu dalilin miƙa hannun jarinka ga mai tayi.

Ka duba kuma ko tayin na dukkan sauran hannayen jari ne ko na wani adadi ne kawai. Idan adadi aka ƙayyade kuma masu amsawa suka yi yawa, za a karɓi wani kaso daga kowa a mayar masa da ragowar.

Akwai misalin da ya faru a nan gida?

Akwai, kamfanin siminti na Ashaka a jihar Gombe, kuma labarinsa ya nuna tafiyar daga farko har ƙarshe.

A 2014 kamfanin Lafarge na Faransa ya tattara kadarorinsa na Najeriya da Afirka ta Kudu a ƙarƙashin kamfaninsa WAPCO, aka sauya masa suna zuwa Lafarge Africa. Cikin abin da aka miƙa masa akwai kashi 58.61 cikin 100 na AshakaCem. Maigidan can sama bai sauya ba, amma tunda sabon kamfani ne ya riƙe fiye da kashi 30, sai aka yi wa sauran masu hannun jarin Ashaka tayin dole. Sharaɗin shi ne duk hannu 202 na Ashaka a ba ka sabbin hannaye 57 na Lafarge Africa, da ƙarin Naira 2 kan kowane hannun Ashaka da ka miƙa.

Mu ɗauki wanda yake da hannu 10,100. Idan aka raba da 202 an sami rukuni 50, kowane rukuni hannu 57, ya tashi da hannu 2,850 na Lafarge Africa, da tsabar kuɗi Naira 20,200. To nawa aka saye shi ke nan? Amsar tana hannun farashin Lafarge Africa. A misali kawai, idan Naira 80 ne, hannayen sun kai Naira 228,000, a haɗa da tsabar kuɗin ya zama 248,200, wato kusan Naira 24.6 kan kowane hannun Ashaka. Idan farashin ya sauko Naira 50, jimillar ta koma 162,700, kimanin Naira 16. Sharaɗin bai motsa ba, amma kashi ɗaya cikin uku na darajar ya tafi. Wanda ya karɓi irin wannan tayi bai fita daga harkar siminti ba, ya dai sauya daga masana'anta ɗaya da ya sani zuwa babban kamfani mai masana'antu a wurare da yawa da basussukansa. Kafin ya sa hannu, lissafin wancan kamfanin ya kamata ya karanta, fiye ma da na Ashaka.

Bayan an rufe tayin a farkon 2015, rabon Lafarge Africa ya haura kashi 82. A 2016 aka sake wani tayi, na ganin dama wannan karon, rabon ya kusa kashi 85. A 2017 aka cire AshakaCem daga kasuwar hannun jari, daga baya kuma ya zama mallakar Lafarge Africa gaba ɗaya.

Dole ne in karɓa?

A'a. Dolen yana kan mai saye ya yi tayi, kai kana da zaɓi. Amma ka dubi yadda abin ya kasance ga wanda ya ƙi a Ashaka. Kafin tayin, fiye da kashi 40 na kamfanin yana hannun jama'a, ana ciniki, akwai manyan masu jari da muryarsu ke da nauyi a taro. Bayan tayin abin da ya rage bai kai kashi 18 ba. Kasuwar hannun jari ta Najeriya tana son kamfanonin babban allonta su bar aƙalla kashi 20 a hannun jama'a, ko abin da darajarsa ta kai wani adadin kuɗi da ta ƙayyade. Kamfanin da ya gaza wannan, ko dai mai rinjaye ya sake sayar da wani kaso, ko a kama hanyar fita daga kasuwa, kuma wanda ya kashe kuɗi ya tattara hannun jari da wuya ya zaɓi ta farko.

Idan aka fita daga kasuwa hannun jarinka bai mutu ba. Kana nan a rajista, idan an raba riba za ka samu. Abin da ka rasa shi ne farashin da kowa ke gani kullum da sauƙin samun mai saye. Kamar mai rumfa ne a kasuwar da aka tashe ta aka mayar wani wuri: rumfar tasa ce, amma mai taya ta ɗaya ne, kuma ya san shi kaɗai ne. Don haka tambayar da za ka yi wa kanka ba ta tsaya kan ko farashin ya yi maka ba. Ka ƙiyasta mutum nawa za su karɓa, da yadda matsayinka zai kasance idan suka tafi suka bar ka.

An ce za a iya karɓe hannun jarin mutum ko bai yarda ba. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, ta hanya biyu.

Ta farko, idan masu kashi 90 cikin 100 na hannayen da aka yi wa tayi suka karɓa, mai tayin yana da ikon ba wa ragowar sanarwa ya saye nasu kan sharuɗɗan da aka yi wa kowa. Haka yake a dokar kamfanoni ta Birtaniya ta 2006, haka kuma a dokar kamfanoni ta Najeriya ta 2020. Wanda bai yarda ba yana da ɗan gajeren wa'adi ya garzaya kotu, amma alƙali ba ya saurin rushe farashin da tara cikin goma suka amince da shi. Wannan iko yana da kishiya mai amfani ga ƙarami: idan mai saye ya kai kashi 90, kai ma za ka iya tilasta masa ya sayi naka, kada ya bar ka a rataye.

Ta biyu ita ce aka fi bi a Najeriya a 'yan shekarun nan, wato shirin sulhu ta hannun kotu. Babbar Kotun Tarayya takan ba da umarnin a kira taro na musamman. Idan masu kashi uku cikin huɗu na darajar hannayen da suka halarta suka kaɗa ƙuri'ar amincewa, kotu kuma ta sa albarka, shirin ya hau kan kowa, har da wanda ya ƙi da wanda bai ma ji labari ba. Ka lura da kalmar "suka halarta". Wanda ya jefa takardar wakilci a kwandon shara ya sauƙaƙa wa mai saye aiki, domin ba a lissafa shi cikin masu adawa. A ganina wannan takarda ta fi duk sauran muhimmanci a cikin ambulan, kuma ita aka fi yin watsi da ita. Ka nemi sanin ko mai rinjayen zai kaɗa ƙuri'a a taron ko zai janye, don wannan ne ke nuna ko ƙuri'arka tana da nauyi.

Ƙananan masu jari sun taɓa yin nasara kuwa?

Sun taɓa. A 2013 uwar kamfanin GlaxoSmithKline ta nemi ƙara rabonta a reshenta na Najeriya kan Naira 48 kowane hannu, masu jari suka yi ca a kan farashin, aka janye shirin. A 2023 uwar kamfanin PZ Cussons ta taya sauran masu jarin reshen Najeriya Naira 21, ta ƙara zuwa 23, amma a watan Maris na 2024 hukumar SEC ta ƙi amincewa, ciniki ya tsaya. A Flour Mills kuwa, a 2024, an fara da Naira 70 aka ƙare a 86 kafin kamfanin ya bar kasuwa.

A irin waɗannan lokuta abin da ke aiki shi ne haɗuwa tun kafin ranar taro: ƙungiyoyin masu hannun jari, manyan asusai da ke cikin marasa rinjaye, da ƙorafi a rubuce zuwa SEC mai ɗauke da lissafi. Hayaniya a zauren taro bayan an gama tattara takardun wakilci ba ta cika sauya komai ba.

Daraktocin kamfanin da ake son saye, ɓangaren wa suke?

A ƙa'ida na kamfanin ne da dukkan masu jarinsa. Kundin Birtaniya ya wajabta musu su nemi shawarar ƙwararre mai zaman kansa kan ko tayin ya yi adalci, su kuma sanar da masu jari abin da ya ce. Ya hana su kuma ɗaukar matakin da zai wargaza tayi, kamar fitar da sabbin hannaye ko sayar da manyan kadarori, sai da amincewar masu jari, domin darakta na iya ƙin tayi mai kyau don kare kujerarsa kawai. A Amurka an fi sakar musu mara. A Afrilun 2022 daraktocin Twitter sun kafa tarkon da zai narkar da rabon duk wanda ya haura kashi 15, lokacin da Elon Musk ya taso, kafin daga baya su amince da cinikin.

Matsalarmu a nan ta fi karkata ɗaya gefen. Sau da yawa mai tayin shi ne ya riga ya naɗa yawancin daraktocin, saboda haka shawararsu ta "ku karɓa" ba abin mamaki ba ce. Ka nemi shafin da ya bayyana wane darakta ke da alaƙa da mai saye, ka ga ko masu zaman kansu sun yi magana daban. A rahoton mai kimantawa kuma ka duba da me ya auna. Idan matsakaicin farashin kasuwa kaɗai ya dogara da shi, a hannun jarin da ba a cika cinikinsa ba, alhali kamfanin yana da filaye da masana'antu da ba a sake kimanta su ba shekara da shekaru, to ƙarin da ake tallata maka a kan farashin kasuwa ƙari ne a kan ƙaramin abu.

Takardun hannun jarin da sunan mahaifinmu suke, ya rasu. Me za mu yi?

Rajistara, wato mai riƙe da rajistar masu hannun jarin kamfanin, ba zai karɓi sa hannun magada haka kawai ba. Sai kun samo takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga kotu, kun kai masa tare da shaidar rasuwa da takardun hannun jarin, ya sa sunayen masu kula da gadon a rajista. Wannan yana ɗaukar lokaci, tayi kuma makonni kaɗan yake yi a buɗe, don haka iyalai da yawa sukan rasa damar zaɓi. Idan aka kai ga sayen tilas, kuɗinku bai ɓace ba, ana ajiye shi amana har masu haƙƙi su zo, sai dai Nairar da ta shekara biyar a ajiye ba ita ce wadda aka ajiye ba. Ku rubuta wa rajistaran da sunansa ke cikin takardar tayin, ku ba shi cikakken sunan marigayin yadda yake a kan takardar shaida da lambar asusunsa, ku nemi jerin abubuwan da yake buƙata tun kafin ku je kotu.